Hirar dare a waya: yaushe take ƙara shaƙuwa, yaushe take zama takura?

A fadojin shayi na Damagaram da cikin gidajen aure, akwai ƙorafe-ƙorafe biyu da ake yawan ji a kan abu guda. Wani zai ce ba don hirar da suke yi cikin dare a WhatsApp ba, da nisa ya daɗe da raba shi da iyalinsa. Wata kuma za ta ce wayar ta zame mata alaƙaƙai: ba ta isa ta kwanta barci ba sai an sallame ta, in kuwa barci ya sace ta, gari na wayewa za ta tarar da tuhuma tana jiranta. Dukkansu gaskiya suke faɗa, kuma sau da yawa adadin saƙonnin da suke musaya bai bambanta ba. Shi ya sa iyaye da malamai, har da masu hirar kansu, suke rikicewa wajen yanke hukunci a kan al'adar.

Abin da ke raba hali na farko da na biyu shi ne abin da ke biyo bayan shiru. Idan ɗaya ya yi barci bai ba da amsa ba, kuma da safe aka ci gaba da magana lafiya lau, yawan tuntuɓa yana ƙara kusanci. Idan shirun sai an biya shi da bayani da rantsuwa da ban haƙuri, to hirar ta tashi daga zumunci ta koma aikin dole, ko da kalmomin cikinta masu daɗi ne.

Me ya sa sai dare?

Dalili na farko na aljihu ne. Kamfanonin waya sukan sayar da forfe na dare da rahusa a kan na rana, kuma ba ya aiki sai dare ya yi nisa. Ɗalibi ko mai kabu-kabu da ke lissafin kowace dala zai jira wannan lokaci don ya tura saƙon murya da hoto ba tare da mega ta ƙare masa ba. Ga shi kuma rizo yakan fi sauƙi idan mutane sun ragu a kansa. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana kuma kuran yana ɗaukewa, barci kansa ba ya zuwa da wuri. Mutane na shimfiɗe a tsakar gida suna jiran iska ta sauko, waya na hannu.

Na biyu shi ne rashin wurin kaɗaita. A gidan da ake da yawa, budurwa ba ta da sukunin sauraren saƙon murya da rana. Ga aiki, ga ƙanne, ga idon iyaye. Sai gida ya yi tsit take samun kanta. Haka matar aure da ke zaune da surukai.

Na uku shi ne tafiya. Damagaram gari ne na masu zuwa ci-rani da neman kuɗi: Agadas, wuraren haƙar zinariya na Jado, Tamanrasat, Libiya, Kano, Saudiyya. Mai aikin gini ko gadi a can ba ya samun kansa sai ya tashi daga aiki. Akwai kuma bambancin agogo da ake mantawa da shi. Najeriya da Aljeriya lokacinsu ɗaya da Nijar, amma Libiya tana gaba da awa 1, Saudiyya kuma da awa 2. Ƙarfe 11 na dare a unguwar Birni ko Zango a Damagaram, ƙarfe 1 ne a Makka. Wanda ke can, in ya ce barci yake ji, ba gudun hira yake ba.

A da, zance yana da iyakar da ba masoyan ne suka gindaya ta ba. Saurayi zai zo bayan magariba ko isha'i, ya aika yaro ya yi sallama da yarinya, su tsaya a ƙofar gida ko zaure. Dare na yi, za a ji gyaran muryar maigida ko a aiko cewa za a rufe gida, kowa ya kama gabansa ba tare da wani ya ji an wulaƙanta shi ba, domin ba ita ta kore shi ba. Waya ta cire wannan mai rufe ƙofa. Yanzu dole ɗaya daga cikin biyun ne zai ce "sai da safe", kuma duk wanda ya riga faɗa, ana iya fassara shi da cewa shi ne ya fi ƙarancin so. Yawancin matsin hirar dare daga nan yake farawa.

Abin da alamomin ke faɗa da abin da ba sa faɗa

Rigima da yawa tana tashi ne daga karanta alamomin WhatsApp fiye da abin da suke nufi, don haka yana da kyau a fayyace su. Alama ɗaya mai ruwan toka tana nufin saƙo ya fita daga wayarka amma bai isa wayar wancan ba. Ƙila wayarsa a kashe take, ko babu rizo, ko forfe ya ƙare. Alama biyu masu ruwan toka suna nufin saƙon ya shiga wayar, ba wai mai ita ya gani ba. Shuɗayen alamu biyu, waɗanda aka shigo da su a watan Nuwamban 2014, suna nufin an buɗe hirar. Ba sa nuna ko an karanta da nutsuwa, ko kuma yatsa ne ya taɓa cikin magagin barci, ko ƙaramin yaro ne ke wasa da wayar.

Kalmar en ligne da ke fitowa ƙarƙashin sunan mutum ita ce ta fi haddasa zargi. Ma'anarta kawai ita ce manhajar tana buɗe a fuskar wayarsa kuma akwai intanet. Ba ta faɗin da wa yake magana, ba ta ma tabbatar da cewa magana yake yi. Wanda barci ya ɗauke da waya a ƙirji zai iya ci gaba da bayyana a haka har fuskar wayar ta mutu. A gidan da waya ɗaya ke yawo tsakanin uwa da ɗiya da ƙane, alamar ba ta ma nuna wane ne ke riƙe da ita.

Akwai wani abu kuma da raunin rizo ke jawowa. Saƙon da aka tura ƙarfe 10 zai iya maƙalewa, ya shiga ƙarfe 1 idan rizo ya dawo ko aka sa wayar a caji. Mai turawa yana ƙirga awa uku na shiru, mai karɓa kuwa yanzu saƙon ya iso masa. Kafin a yi fushi, ana iya danne saƙon a buɗe bayaninsa, a ga lokacin da ya isa da lokacin da aka buɗe shi. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe maganar.

Yadda abin ke juyawa: misali ɗaya

A ɗauki misalin saurayi da ke aiki a wani shago a Agadas da budurwar da aka sa musu rana, ɗaliba a Damagaram, tana shirin jarrabawa. A watannin farko, yana rufe shago sai ya turo mata saƙon murya: yadda kasuwa ta kasance, abin da ya ci, kuɗin da ya ajiye na lefe. Ita ma ta ba shi labarin makaranta da jikin mahaifiyarta. Wani dare su yi minti 20, wani dare su kai awa guda, wani dare kuma ɗaya ya yi barci, da safe ya ce "Wallahi barci ne ya kwashe ni", ɗayan ya yi dariya. A wannan mataki hirar tana aikin da ya dace. Ƙananan labaran yau da kullum su ne ke sa mutum ya ji yana cikin rayuwar wanda ke nesa, kuma dare ne kaɗai lokacin da suke da shi.

Juyin ba ya zuwa rana ɗaya. Tun da an saba kullum ana hira ƙarfe 11, sai sabon ya zama abin da ake tsammani, daga nan ya zama haƙƙi. Wani dare famfo ya kawo ruwa wajen ƙarfe 2, kamar yadda yakan yi a wasu unguwanni, aka tashe ta tarar ruwa. Tana tsaye tana jiran jarka ta cika, ta buɗe waya ta duba saƙon ƴan ajinsu, ta rufe. Shi kuma bai yi barci ba, ya ga en ligne. Da asuba ta tarar da saƙo: "Kin ce mini kin kwanta. Da wa kike hira ƙarfe biyu?" Ta amsa: "Haba Yaya, ruwa muke tara." Ya ce ya yarda, amma daga ranar ta koyi darasi: duk lokacin da ta buɗe waya, akwai mai ƙirgawa.

Abin da ke biyo baya shi ne wurin da ya kamata a lura sosai, domin daga waje kamar soyayya ce ta ƙaru. Saƙonni sun fi na da yawa. Tana amsawa cikin minti ɗaya. Amma yanzu tana kwana da waya a ƙarƙashin matashi da ƙara a buɗe, tana jin faɗuwar gaba idan ta yi ƙara, tana karanta saƙon ƙawarta daga saman fuskar waya don kada a gan ta a ciki. Abin da suke faɗa ma ya sauya. Labarin kasuwa da na makaranta ya ragu, "Ina kike?" da "Me ya sa kika daɗe?" da "Turo hoto in gani" sun ƙaru. Hirar ta koma magana a kan hirar kanta.

Ga lissafin barcinta. Suna sallama ƙarfe 1 da rabi, ana kiran asuba wajen ƙarfe 5, ga shara da wanke-wanke kafin ta tafi makaranta. Awa 3 da rabi ke nan, alhali likitocin barci suna ba da shawarar awa 7 ko fiye ga babba, awa 8 zuwa 10 ga matashin da bai kai shekara 19 ba. Ƙarancin barci yana rage haƙuri da riƙe karatu, yana sa ƙaramar magana ta yi zafi. Shi ma haka yake a shagonsa. Mutum biyu da ba su ƙoshi da barci ba suna rubuta wa juna saƙo ƙarfe 1, babu fuska babu murya da za ta nuna wasa ake yi, sun fi kowa kusa da saɓani. Saɓanin kuma yana sa a ƙara tsawaita hira don a shirya, barci ya ƙara raguwa.

Masu bincike sun ga irin wannan zagaye. A shekarar 2012, Jeffrey Hall da Nancy Baym sun wallafa wani nazari da suka yi a Amurka a kan kira da saƙon waya tsakanin abokai na kusa. Sun gano cewa yawan tuntuɓa yana ɗaga tsammanin a riƙa samun juna koyaushe, kuma wannan tsammani yana haifar da abu biyu tare: dogaro da juna, wanda ke ƙara jin daɗin abota, da dogaro mai wuce kima da jin an ɗaure mutum, wanda ke rage shi. Nazarin a kan abokai ne a wata ƙasa dabam, amma yana bayyana dalilin da ya sa budurwar misalinmu za ta iya cewa tana son hirar kuma ta gaji da ita, duka a zance ɗaya, ba tare da ta yi ƙarya ba.

Matsin ba daga namiji kaɗai yake zuwa ba. Akwai matar da mijinta direba ne a hanyar Agadas, tana kwana tana duba ko ya hau, in ya tsaya hutawa bai yi mata magana ba ta hana shi sakat. Kuma tushen abin ba koyaushe mugunta ba ne. Sau da yawa tsoro ne da kaɗaicin baƙon wuri. Sai dai kyakkyawar niyyar mai tambaya ba ta rage nauyin da ke kan mai amsawa.

Ra'ayoyin da ake ji

Iyaye da malamai da yawa suna ganin a rufe ƙofar gaba ɗaya: babu hira bayan isha'i, musamman tsakanin waɗanda ba a ɗaura musu aure ba. Suna kafa hujja da hadisin da ya nuna Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta, da kuma aya ta 58 a Suratun Nur, wadda ta ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga: kafin sallar asuba, lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne yana mayar da mai rufe ƙofa. Yarinyar da za ta iya cewa "Baba yana karɓar waya ƙarfe 10" ta samu mafitar da ba za a zarge ta a kanta ba. Rauninsa shi ne bai amsa halin ma'auratan da nisa ya raba ba, waɗanda malamai ba su hana su hira da dare ba, kuma idan aka yi shi da ƙwace da bincike, yakan tura hirar ƙarƙashin bargo da wayar aro.

Matasa da matafiya suna cewa zumunci a ƙafa yake, kuma ga wanda ke Sabha ta Libiya ko Jado, waya ce ƙafar. Suna da gaskiya a nan. Inda hujjarsu ke yin rauni shi ne inda ake auna so da saurin amsa, domin wannan ma'auni yana hukunta wanda ya fi yawan aiki, mai jego, mai jinya, ko wanda wayarsa ba ta riƙe caji.

Akwai na tsakiya, waɗanda ba sa kallon agogo, suna kallon izini. A wurinsu saƙon dare kamar sallama ce a ƙofa: an halatta ka yi, amma Suratun Nur ɗin dai ta ce idan aka ce ku koma, ku koma. Tura saƙo ƙarfe 12 ba laifi ba ne in an yarda cewa amsa za ta iya jira har safe. Bibiyar lokacin da mutum ya hau da lokacin da ya sauka kuwa, suna sa shi a sahun zato da leƙen asiri da Suratul Hujurat ta hana. Wannan ra'ayi ya fi dacewa da abin da ake gani a zahiri, amma yana buƙatar mutanen biyu su zauna su faɗi abin da yawanci ake jin nauyin faɗa.

A cikin gidan aure

Wurin da abin ya fi sarƙaƙiya shi ne gidan mai mata fiye da ɗaya. Rabon kwana a kan dare aka gina shi. Idan maigida yana ɗakin uwargida amma yana rubuta wa amarya saƙo har tsakar dare, jikinsa yana inda ya kamata, hankalinsa yana wani ɗaki. Ga amarya wannan kusanci ne. Ga mai girki kuwa an ɗebe mata daga rabonta a gaban idonta, kuma hasken fuskar waya a ɗaki mai duhu ba ya ɓoyuwa. Akwai masu ganin gaisuwa da tambayar lafiyar yara ba komai ba ne, doguwar hira ce ke shiga haƙƙin mai kwana. Gidajen da suka samu sauƙi a nan su ne waɗanda aka yi ƙa'ida a fili kuma ta hau kan kowace: a yi sai da safe kafin a shiga ɗaki, bayan nan sai lalura, kuma lalura da kira ake sanar da ita.

Ko a gidan mace ɗaya, miji da mata na iya kwanciya a gado ɗaya kowa yana raya zumunci da wani na nesa, na kusa yana jira. Dangi da ke gurup ɗin gida ba su san saƙon da suka tura ƙarfe 12 ya katse wata magana ba.

Abin da saitin waya ke iya yi da inda ya tsaya

A cikin Paramètres na WhatsApp, ƙarƙashin Confidentialité, ana iya kashe Confirmations de lecture don shuɗayen alamu su daina fita, kuma tun 2022 ana iya ɓoye en ligne. Amma akwai sharuɗɗa. Wanda ya ɓoye nasa, shi ma ba zai ga na wasu ba. Kashe shuɗayen alamun ba ya aiki a gurup. Ana iya sa gurup ya yi shiru na awa 8, ko mako guda, ko dindindin. Wanda ke tsoron kashe waya saboda iyaye tsofaffi ko mai ciki a gida, saitin Ne pas déranger na wayar kanta ya fi masa amfani: ana sa masa lokaci, misali daga ƙarfe 11 zuwa 5, a zaɓi lambobin da kiransu zai shigo, sauran saƙonni su jira ba ƙara.

Sai dai saiti ba ya gyara abin da ba a faɗa da baki ba. Budurwar misalinmu, in ta ɓoye en ligne ba tare da ta sanar ba, saurayin zai ɗauka hujja ce ta samu. Abin da ke aiki shi ne a yi maganar da rana, da murya, ba a tsakiyar rigima ba, kuma a ba da wani abu a madadin abin da aka janye: "Yaya, jarrabawa ta matso. Mu riƙa magana daga bayan isha'i zuwa 10 da rabi, in na ga saƙonka bayan nan zan amsa da asuba. In abu ne na gaggawa, ka kira." Lokaci tabbatacce yana kwantar da hankalin wanda ke nesa fiye da amsar da ke zuwa a kowane lokaci cikin gajiya.

Yadda ya karɓi wannan magana shi ne gwajin. Wanda kewa ce ke damunsa zai yi ɗan gunaguni, ya saba cikin kwanaki. Wanda ya mayar da martani da neman lambar sirrin wayarta, ko tilasta mata kiran bidiyo don ya ga inda take, ko barazanar fasa aure ko yaɗa hotuna da saƙonnin da ta taɓa tura masa, ya wuce batun hirar dare. A nan ba a goge saƙonnin, ana ajiye su, a sanar da waliyyi ko wani babba da aka amince da shi tun kafin a ɗaura aure. Idan barazanar yaɗa hotuna ce, Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma ana kai irin wannan ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma tare da saƙonnin a matsayin hujja.